Mutum 41 sun tambayi "nawa?" a ƙarƙashin tallata, biyu kacal suka saya: ina matsalar take?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina sayar da jakunkunan goyo kala uku: ƙarama ta yara, matsakaiciya, da babba mai wurin saka kwamfuta. Na biya kuɗi an haska mini talla a Facebook da Instagram na kwana biyar. A ƙarƙashinta mutum 41 suka rubuta "nawa?" ko "kuɗinta fa?". Kowa na amsa masa da "duba inbos", sannan na bi shi da saƙo. Tara ne kawai suka amsa, biyu suka saya. Kayan ne ba su yi ba, ko amsar tawa ce? Masu sani ku taimaka.

Malam Sabi'u: Wa'alaikumus salam Hajiya. Lissafin da kika kawo ya riga ya nuna inda ake zubewa. Daga 41 zuwa tara kika rasa mutum 32, kuma waɗannan ba su ma ji kuɗin ba balle a ce tsada ta kore su. Daga tara zuwa biyu kuwa ba abin damuwa ba ne sosai. Saboda haka kada ki taɓa kuɗin jakar tukuna, kada ki canza hoto. Hanyar amsawa za ki gyara.

Ga abin da ke faruwa da saƙon da kike turawa. A Instagram, idan mutum ba ya bin shafinki, saƙonki ba ya shiga akwatinsa na yau da kullum, yana faɗawa cikin Requests ne. Mutane da yawa sai su yi makonni ba su leƙa can ba. Ke kina ganin kin amsa, shi kuma yana ganin an yi banza da shi. A Facebook, maɓallin Send message da ke ƙarƙashin kwament yana ba shafi damar tura saƙo ɗaya ne, cikin kwana bakwai da yin kwament ɗin, kuma ba za ki iya ƙara wani ba sai ya amsa. To idan wannan saƙo ɗaya tilo kika ɓata shi da "Sannu, wacce kake so?", ba kuɗi ba hoto, damar ta wuce.

Shawarata: ki rubuta kuɗin a fili, a nan ƙarƙashin tambayar.

Bashir Talla: Ni fa ban yarda da wannan ba, Malam. Ɓoye kuɗi dabara ce. Duk wanda ya tambaya ya ƙara maka kwament ɗaya, ka amsa ya zama biyu, manhajar ta ga fostin yana motsi ta ƙara haska shi. Idan ka rubuta kuɗi a fili, mutum ya gani ya wuce shiru. Sannan abokan hamayyarka suna kallo, gobe su rage kaɗan a kan naka.

Malam Sabi'u: Malam Bashir, rabin maganarka gaskiya ce. Fostin da mutane ke magana a ƙarƙashinsa ya fi wanda yake shiru. Amma tallar da aka biya wa kuɗi tana bin manufar da aka zaɓa mata ne tun farko. Idan aka saita ta a kan neman motsi a fostin, za a riƙa nuna ta ga irin mutanen da suka saba danna so da rubuta kwament, ko da ba su taɓa sayen komai ba. Idan aka saita ta a kan saƙonni, za a nemi waɗanda suka saba tura saƙo. Yawan "nawa?" yana iya zama alamar cewa ka kira masu kwament ne, ba masu saye ba. Maman Ilham, duba mana wace manufa kika zaɓa.

Batun abokan hamayya kuwa, wanda yake son sanin kuɗinka zai turo maka saƙo da wani asusun ya tambaya, cikin minti biyu ya sani. Ba shi kake ɓoye wa ba. Wanda kake ɓoye wa shi ne mutumin da ya karanta kwament ɗin gaba ɗaya bai rubuta komai ba, kuma irinsa sun fi masu rubutu yawa. Yana ganin "duba inbos" sau arba'in a jere sai ya yanke ɗaya cikin biyu: ko dai abin ya fi ƙarfinsa, ko kuma kowa da kuɗin da ake gaya masa.

Maman Ilham: Na duba. Boost post kawai na danna, kuma wanda ke cewa a samu ƙarin motsi ne aka zaɓa. To amma Malam, in na rubuta adadi kawai ai kamar na kore shi ne. Me zan rubuta daidai?

Malam Sabi'u: Adadi tsirara bai isa ba, gaskiyarki. Amsa mai kyau tana da gaɓa uku: kuɗin, abin da kuɗin ya ƙunsa, sai tambaya ɗaya mai sauƙin amsawa. Zan sa adadin misali ba da sunan kowane kuɗi ba, ki mayar da naki. A ce ƙarama 20, matsakaiciya 28, babba 35. Wani ya rubuta "nawa?" bai ce wacce ba:

"Sannu Malam Nura. Ƙarama 20, matsakaiciya 28, babbar da ke hoton nan 35, tana ɗaukar kwamfuta mai inci 15. Kuɗin aike daban ne, ya danganta da inda kake. Ta yaro kake nema ko ta babba?"

Ki lura da abubuwa kaɗan. An kira sunansa, don ya san da shi ake. An faɗi wacce ce a hoton, domin rigimar da ta fi yawa ita ce mutum ya ga babbar a hoto, ya ji kuɗin ƙaramar, ya zo biya a ce masa ba haka ba. An ambaci kuɗin aike tun yanzu, saboda kuɗin da ya ɓullo a ƙarshe bayan mutum ya gama yanke shawara shi ne ya fi kashe ciniki. Yana jin kamar an yaudare shi ko da adadin kaɗan ne. Tambayar ƙarshe kuma ba "za ka saya?" ba ce. Wannan tana sa mutum ya ja baya. Tambaya ce da zai amsa da kalma ɗaya, kuma amsarta tana gaya miki wacce za ki tura masa hotonta.

Idan ya amsa "ta yaro", a nan ne za ki koma inbos, don yanzu akwai dalili: launi, adireshi, hanyar biya. Ki rubuta masa a fili "na turo maka launukan, in ba ka gani ba duba Requests", ko ma ki ce shi ya turo miki saƙo. Saƙon da shi ya fara turowa ya fi wanda kika fara, don amsarki za ta same shi kai tsaye.

Garba Dogo: Ni dai shawarata ki nemi masu sayar da mabiya su ƙara miki kamar dubu biyar, da masu zuba kwament na yabo. Mutane in sun ga shafi cike sun fi yarda.

Hajiya Rabi: Malam Garba, ba ƙarancin mutane ke damunta ba, mutum 41 sun zo da ƙafarsu. Kuma yabon saye ana gane shi: kalmomi iri ɗaya, asusu marasa hoto, duk cikin sa'a guda. Mai saye da ya gane haka ba zai sake yarda da yabon gaske ba ma.

Ni abin da zan ƙara a kan na Malam Sabi'u shi ne lokaci. Mai tambayar kuɗi a ƙarƙashin talla ba nemanki ya fito yi ba, yana cikin zazzaga waya ne ya ci karo da ke. Bayan sa'a biyu ya ga wasu tallace-tallace da dama, wataƙila har da na jaka irin taki. Maman Ilham, tsakanin tambaya da amsarki yawanci tsawon wane lokaci ne?

Maman Ilham: Sai dare nake zama in amsa su gaba ɗaya, Anti. Wasu ma sai washegari na gan su, ban san me ya sa ba sa nuna mini ba.

Hajiya Rabi: To ga dalili na biyu. Kada ki dogara da sanarwar waya, takan haɗe kwament da yawa wuri ɗaya, wasu su shige. Ki sauke manhajar Meta Business Suite, ki shiga Inbox, a can za ki ga kwament na Facebook da na Instagram da saƙonni duk a wuri ɗaya. Idan kuma kina dubawa a kan fostin ɗin kansa a Facebook, ki canza tsarin daga Most relevant zuwa All comments, domin na farkon yana iya ɓoye wasu. Ga masu haɗa talla ta Ads Manager, wato wurin tsara talla na Facebook da Instagram, akwai ƙarin tarko: irin wannan tallar ba lallai ta bayyana a kan shafinka ba, sai ka yi ta duba shafi ka ga ba komai, alhali tambayoyi sun taru a ƙarƙashinta.

Ba sai kin zauna a kan waya yini guda ba. Ki kwana biyu kina lura da sa'o'in da kwament suka fi shigowa, ki sa lokacin dubawa uku ko huɗu a rana su faɗa cikinsu. In kin san akwai ranar da ba za ki samu dama ba kuma ba mai riƙe miki, gara ki dakatar da tallar ranar. Kuɗi na fita, tambaya na shigowa, ba mai amsa: wannan asara ce zalla.

Don sauri, ki ajiye amsoshin da aka fi nema. A Inbox ɗin akwai Saved replies na saƙonni, a WhatsApp Business akwai Quick replies, kina danna / sai su fito. Na kwament kuma ki ajiye su a wurin rubutu na wayarki. Amma ki yi kala uku ko huɗu na kowace amsa, ki riƙa canza farkonta da sunan mutum. Manna jimla ɗaya sak sau talatin cikin 'yan mintuna yana iya sa Instagram ta ɗauke ki mai watsa tarkace, ta hana ki yin kwament na ɗan lokaci. Ko ba ta hana ba, mai karatu yana gane amsar da ba a karanta tambayarsa ba kafin a manna ta.

Aliyu Kafinta: Duk wannan ya yi wa mai kaya mai kuɗi ɗaya. Ni kujeru da kabad nake haɗawa, kowane aiki da awonsa da irin katakonsa. In na rubuta adadi a fili, gobe wani ya zo da ɗaki mai ninki biyu ya ce ai ga abin da na rubuta. Dole ta sa nake cewa a zo inbos.

Malam Sabi'u: Uzurinka karɓaɓɓe ne, Malam Aliyu, amma har yanzu akwai abin faɗa a fili. Ka faɗi kuɗin wanda ke cikin hoton tare da awonsa: "Wannan na hoton, mai ƙofa uku, faɗin mita ɗaya da rabi, kaza ne. In faɗin ya ƙaru ko an canza katako, kuɗin na canzawa. Turo mini awon wurin in lissafa maka." Ka ɗaure adadin da awo, ba wanda zai riƙe ka da shi a kan wani aikin. Abin da ban so shi ne "daga kaza zuwa sama" idan wannan kazan na wani ɗan ƙaramin abu ne da ba wanda ke saye. Yana jawo mutane, amma suna jin kuɗin gaske sai su ji an ja su da ƙarya.

Aliyu Kafinta: Na ji, amma kuɗin katako yana tashi, kwament kuma yana nan har wata shida. Akwai masu ɗauko sikirinshot na tsohuwar amsa su ce a kan nan za su biya.

Hajiya Rabi: Ka riƙa sa iyaka a ciki: "kuɗin wannan watan ne". In ya canza, ka gyara kwament ɗin kuɗi da ka maƙala a sama. Wannan ma shawara ce ga Maman Ilham: ki rubuta kwament ɗaya da kanki mai ɗauke da kuɗin kala ukun da yadda ake oda, ki maƙala shi a sama da Pin inda manhajar ta ba da dama. A Instagram ana iya maƙala har uku. Duk da haka wasu za su tambaya, ki amsa musu cikakkiyar amsa, kada ki ce "ai yana sama, ba ka karatu ne?". Ba shi kaɗai ke karanta wannan tsawar ba.

Bashir Talla: To ya za a yi da masu taya kaya a fili? Ka ce 35, wani ya rubuta "25 zan ba ka". In ka sallama, kowa ya gani, daga ranar kuɗinka ya koma 25. A nan dai dole a yarda inbos ya fi.

Malam Sabi'u: A nan ina tare da kai. Kuɗi a fili, ragi a ɓoye ko babu shi sam. Amsar fili ita ce: "Albarka Malam, 35 ne gaskiyarta. In 28 ta yi maka, akwai matsakaiciyar, bambancinsu wurin kwamfuta ne kawai." Ka ƙi tayin, amma ka buɗe masa wata ƙofa a kusa da abin da ke hannunsa. Idan kana da ragi na mai ɗaukar da yawa, ka faɗe shi a matsayin ƙa'ida ta kowa, misali daga guda uku zuwa sama, ba alfarma ga wanda ya fi matsawa ba.

Haka wanda ya rubuta "ya yi tsada, na ga irinta a 22". Kada ka zagi ta wancan, ba ka gan ta ba. Ka faɗi abin da ke jikin taka wanda za a iya dubawa: ɗinki biyu ne a madaurin kafaɗa, zif ɗin ƙarfe ne, bayanta da soso. In da hali ka sa hoton kusa na ɗinkin a cikin amsar, Facebook yana bari. "Tamu mai inganci ce" ba amsa ba ce, kowa haka yake faɗa.

Hajiya Rabi: Akwai abin da ba a taɓo ba kuma yana cin mutane sosai: ɓarayin kwastoma. Wani zai buɗe asusu da sunan shafinki da hotonki, ya bambanta da harafi ɗaya ko ɗigo, ya bi duk wanda ya rubuta "nawa?" ya tura masa saƙo da lambar asusun banki. Tsarin "duba inbos" yana taimaka musu, don mutumin yana jiran saƙo dama, wanda ya fara zuwa shi zai ɗauka naki ne. Alamar da za ki gane ana yi miki haka ita ce wani ya zo yana cewa ya biya bai ga kaya ba, ke kuma ba ki da odarsa. Ki rubuta a cikin kwament ɗin da kika maƙala cewa ta lamba ɗaya kawai kike karɓar oda, kuma sunan da ke kan asusun biyanki kaza ne.

Kuma duk wanda ya rubuta lambar wayarsa a kwament, ki kwafe ta, ki danna Hide, sannan ki tuntuɓe shi. A Facebook, kwament ɗin da aka ɓoye mai shi da abokansa suna ci gaba da ganinsa, sauran jama'a ba sa gani, don haka ba zai ji an goge shi ba.

Garba Dogo: Ashe haka za a riƙa yi wa masu ƙorafi ma, a ɓoye su a huta.

Hajiya Rabi: A'a. Zagi, tallar wani, da link na damfara su ake ɓoyewa. Wanda ya ce "na yi oda kwana shida ban ga kaya ba" a amsa masa a fili, gajere: a ba shi haƙuri, a ce ya turo sunan da ya yi odar da shi, in an warware a dawo ƙarƙashin maganar a rubuta cewa kaya sun isa. Mai shirin saye yana neman irin wannan wurin ne musamman, don ya ga abin da zai faru da shi in nasa ya samu matsala. In ka ɓoye mai ƙorafi na gaskiya ya gane, zai dawo da sikirinshot a wurin da ba ka da ikon ɓoyewa.

Maman Ilham: Allah Ya saka da alheri. Ni a WhatsApp nake kammala ciniki. Yaya zan kai su can ba tare da sun ɓace a hanya ba? In na rubuta lamba, kaɗan ne ke ajiye ta.

Malam Sabi'u: Ki yi amfani da link mai buɗe hira kai tsaye, da saƙo a rubuce a ciki:

```
https://wa.me/LAMBA?text=Ina%20son%20jaka%20J3
```

A wurin LAMBA ki sa lambarki da lambar ƙasa a gaba, ba alamar +, ba sifilin farko, ba tazara. %20 ɗin shi ne tazara tsakanin kalmomi. Ki ba kowace jaka alama, J1, J2, J3, don saƙo na shigowa kin san wacce ake nufi. Ki gwada shi daga wata wayar kafin ki saka, kuskuren sifilin nan ya fi komai yawa. A kwament na Facebook link yana dannuwa, a na Instagram ba ya dannuwa, sai ki sa shi a bayanin shafinki ki ce a duba can.

Sannan ki riƙa lissafin nan da kika fara: nawa suka tambaya, nawa suka amsa tambayarki, nawa suka shigo hira, nawa suka biya. A WhatsApp Business ki yi wa kowace hira alama, masu tambaya daban, masu jiran biya daban. Wanda ya ji kuɗi ya yi shiru, ki bi shi sau ɗaya washegari da abu mai amfani, kamar hoton launin da ya tambaya. In bai amsa ba ki ƙyale shi.

Bashir Talla: Har yanzu ina ganin in ta sa kuɗi a fili kwament za su ragu, kuma ban tabbata masu saye za su ƙaru ba. Akwai kayan da sai an yi wa mutum bayani kafin ya ji kuɗi, in ba haka ba ya firgita.

Malam Sabi'u: Kwament za su ragu, wannan ba musu. Ga kaya masu tsada da ke buƙatar bayani ma ba zan yi maka gardama sosai ba. Amma jaka ba ta cikinsu, kuma tana iya gwadawa: hoto ɗaya, kuɗin talla ɗaya, kwanaki ɗaya, manufa ɗaya ta saƙonni, tallar farko da kuɗi a rubuce, ta biyu babu. Kada a canza komai bayan wannan, in ba haka ba ba za a san abin da ya yi aiki ba. A ƙirga waɗanda suka biya, ba masu kwament ba. Da mutum biyu ko uku ba a yanke hukunci, sai an maimaita.

Maman Ilham: Zan gwada haka. Mutum 32 ɗin nan da ba su amsa ba fa, in koma in rubuta musu kuɗin a ƙarƙashin tambayarsu, ko ya yi latti?

Hajiya Rabi: Ki koma. Amsar fili ba ta da wa'adin kwana bakwai, kuma za su samu sanarwa. Ki yi su kaɗan-kaɗan, kamar goma ki huta, kowa da sunansa, ki fara da waɗanda suka tambayi wani abu bayan kuɗi, kamar launi ko girma ko aike, don su suka fi kusa da saye.